Lambobi Huɗu da Ƙofofi Biyu: Yadda Ake Sarƙa Kubit Biyu da Biro da Takarda

Duk wanda ya fara koyon kwamfutar kwantam, kafin ya yi nisa za a ɗora masa wani ɗan aiki: ya ɗauki kubit biyu, ya bi da na farko ta ƙofar Hadamard, sannan ya bi da su duka biyun ta ƙofar CNOT. Aikin ke nan gaba ɗaya. Abin da ke fitowa a ƙarshe kuwa shi ne halin nan da ya hana Albert Einstein sakat a 1935, wanda kuma gwaje-gwajen tabbatar da shi suka sa aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel ta fiziks a 2022. Mutum zai zaci sai da babban digiri ake bin sawun wannan lissafi. Ba haka ba ne. Wanda ya iya tarawa da ninkawa, kuma bai tsoron alamar ragi, zai iya bin sa daga farko har ƙarshe a bayan takardar kalanda.

Kwamfutar da muka saba da ita tana aiki da bit, wato ko dai 0 ko 1. Kubit ma idan aka auna shi, 0 ko 1 yake bayarwa, ba ya taɓa ba da wani abu na tsakiya. Bambancin yana kafin awo. A lokacin, ana bayyana kubit da lambobi biyu: nauyin da ke kan 0 da nauyin da ke kan 1. Masana suna rubuta halayen biyu da |0⟩ da |1⟩, salon rubutun da Paul Dirac ya ƙirƙiro a 1939. Idan ana son sanin damar fitowar wani sakamako, sai a ninka nauyinsa da kansa. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jinginawa ga Max Born tun 1926. Kubit mai nauyin 0.6 a kan 0 da 0.8 a kan 1 zai ba da 0 sau 36 cikin ɗari, ya ba da 1 sau 64 cikin ɗari. Dole jimillar ta cika ɗaya cif, kuma wannan shi ne abin dubawa na farko ga mai lissafi: in ta gaza ko ta zarce, an yi kure a wani wuri.

Akwai wani abu da nauyi ke da shi wanda dama ba ta da shi. Nauyi yana iya zama na ragi. Nauyin 0.8 da na −0.8 dama ɗaya suke bayarwa, domin ragi sau ragi ƙari ne, amma idan suka haɗu a gurbi ɗaya sai su kashe juna. A riƙe wannan da kyau, shi ne zai raba gardama can gaba. A cikakken lissafin kwantam nauyi kan zama wasu lambobi masu wuyar sha'ani fiye da haka, amma aikinmu na yau ba ya bukatarsu.

Da kubit biyu, sakamakon awo iri huɗu ne: 00, 01, 10, 11, inda lambar hagu ta kubit na farko ce, ta dama kuma ta na biyu. Saboda haka halin su biyun jeri ne na nauyi huɗu, ɗaya ga kowane sakamako. Ja layi a takardarka, ka yi gurbi huɗu, ka rubuta waɗannan sunaye a samansu. An saba fara kowane kubit a kan 0, don haka dukan nauyin yana gurbin farko:

(1, 0, 0, 0)

Ƙofa, a wannan fage, aiki ce da ake yi wa kubit wadda ke sauya nauyin nasa bisa tsayayyiyar ƙa'ida. A injinan da ke aiki da ƙananan da'irori masu tsananin sanyi, ƙofa ɗan gajeren bugu ne na igiyar maikurowef. A waɗanda ke aiki da ƙwayoyin zarra da aka tsare wuri ɗaya, yawanci hasken leza ne. A takarda kuwa ƙa'ida ce kawai. Ta Hadamard, wadda ta ci sunan masanin lissafin nan na Faransa Jacques Hadamard, ana rubuta ta da H, kuma ga abin da take yi:

H|0⟩ = (|0⟩ + |1⟩)/√2

H|1⟩ = (|0⟩ − |1⟩)/√2

Lambar 1/√2 kusan 0.707 ce, kuma idan ka ninka ta da kanta rabi za ka samu. Ke nan H tana raba nauyi gida biyu daidai wa daida. In ta tarar da 0, duka kason biyu na ƙari ne. In ta tarar da 1, kason da ke kan 1 yana ɗauke da ragi. Kubit ɗin da ya fito daga gare ta yana cikin gamin hali biyu, nauyinsa na kan 0 da 1 a lokaci guda.

To, mu bi da kubit na farko ta H, mu bar na biyu yadda yake. Gurbin 00 kaɗai ke da nauyi. Lambarsa ta hagu 0 ce, don haka za ta rabu zuwa 0 da 1, ta dama kuwa tana nan a 0. Nauyin ya rabu tsakanin 00 da 10:

(0.707, 0, 0.707, 0)

A wannan mataki babu abin da ya sarƙe. Kana iya ba da labarin kowane kubit shi kaɗai ba ka rage komai ba: na farko yana cikin gami, na biyu yana zaune a 0. Wanda ya auna na farko bai ƙaru da komai ba game da na biyu, tun da dama an san 0 ne.

CNOT ƙofa ce ta kubit biyu. Ɗaya shi ne mai umarni, ɗayan mai karɓa. Idan mai umarni 0 ne, ba a taɓa mai karɓa. Idan 1 ne, sai a juya mai karɓa, 0 ya koma 1, 1 ya koma 0. Mun sa na farko ya zama mai umarni. Saboda haka 00 da 01 suna nan a inda suke, 10 ya koma 11, 11 ya koma 10. A jerinmu wannan ba wani abu ba ne illa musayar gurabe biyu na ƙarshe. Nauyin da ke gurbi na uku ya koma na huɗu:

(0.707, 0, 0, 0.707)

A rubutun masana, wannan shi ne (|00⟩ + |11⟩)/√2, ɗaya daga cikin halaye huɗu da ake kira halayen Bell, don tunawa da John Bell, ɗan Belfast da ya yi aiki a cibiyar CERN. Ninka kowane nauyi da kansa: rabi ga 00, rabi ga 11, sifili ga sauran biyun. Jimilla ɗaya. Lissafi ya tsaya da ƙafarsa.

Wurin da masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne tambayar da sukan yi: to, shin mai umarnin 0 ne ko 1 a lokacin da CNOT ta yi aiki? Ƙofar ba ta tambaya, kuma ba ta aunawa. Tana bin kowane gurbi ne da ƙa'idarta, tana kai nauyinsa inda ya dace. Da ta auna, da gamin ya rushe tun a nan, kuma da duk abin da ya biyo baya bai samu ba.

Yanzu me ya sa ake cewa sun sarƙe? Gwada ka raba halin nan gida biyu, ka ba kowane kubit nasa labarin. A ce na farko yana da nauyi p a kan 0 da q a kan 1, na biyu kuma r a kan 0 da s a kan 1. Idan kowa zaman kansa yake yi, nauyin haɗinsu ninki ne kawai: pr, ps, qr, qs. Halinmu yana bukatar ps ya zama sifili. Hakan ba zai yiwu ba sai p ko s ya zama sifili. In p ne, to pr ma ya mutu, alhali muna bukatarsa 0.707. In s ne, qs ya mutu, shi ma muna bukatarsa. Babu mafita. Ba a iya rubuta halin kowane ɗaya shi kaɗai. Halin na su biyun ne tare. Wannan ita ce ma'anar sarƙewa, babu ƙari babu daɗi, kuma Erwin Schrödinger ne ya fito da ita fili a matsayin abin da ya bambanta kwantam da tsohuwar fiziks, a shekarar 1935 ɗin nan dai.

Daga wannan hujja ake samun gajeren gwaji mai amfani. Ninka nauyin farko da na huɗu, ninka na biyu da na uku, ka cire wannan daga wancan. In amsar sifili ce, ba su sarƙe ba. Bayan H kaɗai, 0.707 sau 0 ne, a cire 0 sau 0.707, amsa sifili. Bayan CNOT, 0.707 sau 0.707 ne, a cire sifili, amsa rabi, wanda shi ne mafi girman da za a iya samu.

Da wannan gwaji a hannu, kurakuran da aka saba yi suna tona kansu. Wanda ya fara da CNOT kafin H bai yi komai ba a matakin farko, domin mai umarni 0 ne, zai ƙare da (0.707, 0, 0.707, 0). Wanda ya sa H a kan mai karɓa maimakon mai umarni zai sami (0.707, 0.707, 0, 0), musayar gurabe biyu na ƙarshe kuma musayar sifili da sifili ce. Har wanda ya ce bari ya ƙara armashi ya sa H a kan duka biyun, zai sami rabi a kowane gurbi, CNOT ta musanya rabi da rabi, a tashi a tutar babu. A duka ukun gwajin yana ba da sifili.

Wasu littattafan gabatarwa sukan ce CNOT ta kwafe kubit na farko a kan na biyu. Ni dai ina ganin wannan furuci ya fi cutarwa a kan amfani. Gaskiya ne idan na farko 0 ne zalla ko 1 zalla, kwafi ne. Amma da a ce ta kwafe gamin da H ta samar, da an sami kubit biyu kowanne cikin gaminsa, wato rabi a kowane gurbi huɗu. Ba shi muka samu ba. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks a nasa ɓangaren, suka nuna cewa babu na'urar da za ta iya kwafe kowane irin halin kwantam da ba a sani ba. Abin da CNOT ta yi shi ne ta ɗauke gamin daga kubit ɗaya ta mai da shi na tarayya.

Saura babbar tambaya, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita aka fi tsallakewa. Ana gudanar da da'irar sau dubu, a ga kusan rabi 00 kusan rabi 11, sai a ce ga sarƙewa nan a fili. Mai hankali zai ce a dakata. A ce wani ya jefa kwabo a ɓoye, in kai ya fito ya rubuta 0 a takardu biyu, in bayan ne ya rubuta 1 a duka biyun, ya naɗe su ya ba mutum biyu. Duk lokacin da suka buɗe, amsarsu za ta zo ɗaya, rabi 00 rabi 11. Babu kwantam a ciki ko kaɗan. Ƙidayar farko ba ta iya raba halin Bell da takardun mai kwabo. Einstein da Boris Podolsky da Nathan Rosen sun karkata ne ga wani abu mai kama da wannan, cewa amsar tana nan tun farko, bayanin kwantam ne bai cika ba.

Don a raba su sai an sake yin wani awo dabam. Kafin a auna, a bi da kowane kubit ta H. Mu lissafa. Idan kubit biyun 00 ne, kowanne zai rabu gida biyu da ƙari, sai a ninka: 0.707 sau 0.707 rabi ne, a kowane gurbi.

00 ya zama (0.5, 0.5, 0.5, 0.5)

Idan 11 ne, kowane kubit yana kawo ragi a duk inda ya tsaya a 1. Gurbin 00 babu ragi. Gurbin 01 ragi ɗaya, haka ma 10. Gurbin 11 ragi biyu ne, sun koma ƙari.

11 ya zama (0.5, −0.5, −0.5, 0.5)

A wurin mai kwabo, kowane zagaye ko dai 00 ne zalla ko 11 zalla, don haka layi ɗaya ne cikin biyun nan ke aiki. Ko wanne ne, ninka nauyi da kansa yana ba da kwata a kowane gurbi. Sakamako huɗun za su fito daidai, kashi 25 cikin ɗari kowanne, daidaituwar ta watse. A halin Bell kuwa layukan biyu suna nan tare, kowanne da nauyin 0.707, kuma ana tara su ne kafin a ninka. Gurbin farko: rabi da rabi ɗaya ne, sau 0.707. Na biyu: rabi da ragin rabi, sifili. Na uku ma sifili. Na huɗu 0.707. An dawo (0.707, 0, 0, 0.707). Har yanzu amsoshin suna zuwa iri ɗaya, 01 da 10 ba sa fitowa, domin hanyoyi biyu da ke kaiwa gare su sun kashe juna. Ga amfanin alamar ragin da na ce a riƙe.

Wannan awo na biyu shi ne kuma ke kama kuskuren alama. A ce kubit na farko ya fara a 1 maimakon 0. H za ta ba da (0.707, 0, −0.707, 0), CNOT ta mai da shi (0.707, 0, 0, −0.707). Wannan ma halin Bell ne, amma wani dabam. A awon farko ba za ka taɓa gane bambancin ba, rabi 00 rabi 11 ne dai. A awo na biyu kuwa cirewa ake yi maimakon tarawa, sai 00 da 11 su mutu, 01 da 10 su fito. Mai lissafin da ya yar da alamar ragi yana ganin ba ta sauya dama, a nan asirinsa ke tonuwa. Sauran halayen Bell biyu ana samun su ne idan kubit na biyu ya fara a 1, kuma mai karatu zai iya fito da su da kansa da ƙa'idoji biyun nan.

Wanda ke son ganin abin a kan inji na gaske yana iya yi. A 2016 kamfanin IBM ya buɗe wani injinsa mai kubit biyar ga jama'a ta intanet, kuma a manhajar Qiskit da'irar tamu ba ta wuce wannan ba:

```python
from qiskit import QuantumCircuit
qc = QuantumCircuit(2)
qc.h(0)
qc.cx(0, 1)
qc.measure_all()
```

Abu ɗaya kan rikita sabon shiga: Qiskit yana rubuta kubit na farko, mai lamba 0, a dama ne, ba a hagu ba. A halin Bell ɗin nan ba a lura, tun da 00 da 11 ko ta ina aka karanta su ɗaya ne. Amma wanda ya tsaya bayan H zai ga 00 da 01 a allo, alhali takardarsa ta ce 00 da 10, ya yi ta neman kuskuren da babu shi.

Ƙidayar ma ba za ta zo 500 da 500 cif ba a cikin gwaji 1000. Kaucewar da ta kai 16 sama ko ƙasa abu ne na yau da kullum, ko ninkinta ma ba abin tayar da hankali ba ne. Haka sa'a take. Abin sa ido shi ne 01 da 10. A takarda sifili ne, a kwaikwayon da kwamfuta ke yi ba tare da hayaniya ba ma sifili ne, amma inji na gaske yakan fito da 'yan kaɗan. Dalilai uku ne suka fi yawa: na'urar awo takan karanta 0 a matsayin 1 ko akasin haka, ƙofar kubit biyu ta fi ta kubit ɗaya wuyar daidaitawa, kuskurenta ya fi yawa, sannan kubit da ke 1 yakan zube ya koma 0 idan an jinkirta. Akwai kuma lalacewar da awon farko ba ya gani sam. Idan muhalli, ko zafi ne ko wata igiyar da ta ɓata hanya, ya "ji" ko halin 00 ne ko 11, to dangantakar alama tsakanin kason biyu ta tafi, halin Bell ya rikiɗe ya zama takardun mai kwabo. Ƙidayar farko za ta fito tsaf kamar komai lafiya. Awo na biyu ne kaɗai zai nuna 01 da 10 suna yawaita. Wannan rauni ne ya sa gina ƙofar ya yi wuya; sai a 1995 Christopher Monroe da David Wineland da abokan aikinsu a cibiyar NIST da ke Boulder, Amurka, suka nuna CNOT ta farko, da ƙwayar zarrar beriliyam guda ɗaya.

Awon nan biyu suna da iyakarsu. Ga wanda ya yarda da ƙa'idojin kwantam, sun isa shaida cewa kubit biyun sun sarƙe. Mai taurin kai kuwa zai iya cewa kowane kubit yana ɗauke da ɓoyayyun amsoshi biyu, ɗaya don awon farko ɗaya don na biyu, an shirya su tun a tushe su zo ɗaya. Lissafinmu na yau bai rufe masa baki ba. Abin da ya rufe shi shi ne hujjar da Bell ya fitar a 1964, inda kowane ɓangare ke zaɓar awonsa a kusurwoyin da ba su yi daidai da na ɗayan ba. A sigar da aka fi gwadawa, duk wani shiri na ɓoyayyun amsoshi ba ya iya wuce maki 2, halin Bell kuwa yana kai 2√2, kusan 2.83. Clauser da Stuart Freedman sun yi gwajin irin wannan da ƙwayoyin haske a Berkeley a 1972, Aspect ya ƙara tsaurara shi a Orsay a 1982, kuma sakamakon ya bi kwantam.

Ana yawan jin cewa da sarƙewa za a aika saƙo nan take zuwa ko'ina. Jerin lambobinmu ya isa ya ƙaryata wannan. A kai kubit na biyu wata ƙasa. Damar ya ba da 0 ita ce jimillar damar 00 da 10, wato rabi. Idan mai riƙe da na farko ya bi da nasa ta H, jerin zai zama (0.5, 0.5, 0.5, −0.5), damar dai kwata da kwata ce, rabi. Idan ya auna nasa, ba shi da ikon zaɓar abin da zai fito, don haka na can rabi da rabi yake ci gaba da gani. Duk abin da na nan ya yi, ƙidayar na can ba ta motsawa. Daidaituwar tana bayyana ne sai su biyun sun aika wa juna sakamakonsu ta hanyar sadarwa ta yau da kullum, an jera su layi-layi an kwatanta.